Yadda ake lissafa kuɗin hutun shekara da ma'aikaci bai ci ba idan zai bar aiki

Ranar da ma'aikaci zai ajiye aiki, ko aka sallame shi, akwai wani haƙƙi da yakan maƙale tsakanin ofishin ma'aikata da teburin akanta: kwanakin hutun shekara da ya tara bai tafi ba. Lissafin ba shi da wuya. Ana nemo kwanakin da suka rage, a nemo kuɗin yini ɗaya daga albashin shekara, a ninka su. Amma a cikin wannan ɗan lissafi ake cin dubban nairori na mutane, yawanci ba da gangan ba, domin an raba albashin da lambar da ba ta dace da irin kwanakin da aka ƙirga ba. Zan bi matakan da misali guda daga farko har ƙarshe, bisa Dokar Ƙwadago ta Nijeriya da abin da aka saba rubutawa a takardun ɗaukar aiki na kamfanoni.

Ga misalin da za mu riƙe. A ce mai kula da sito ne a wani kamfani a Kano, ya fara aiki a farkon Janairun 2022, yana zuwa Litinin zuwa Juma'a. Gundarin albashinsa naira 130,000 ne a wata, wato naira 1,560,000 a shekara. Ana ba shi alawus na gida naira 650,000 da na sufuri naira 390,000 a shekara, jimilla naira 2,600,000. Takardar ɗaukarsa ta ba shi hutun kwana 20 na aiki kowace shekara, daga Janairu zuwa Disamba. Ya ba da notis, ranarsa ta ƙarshe ita ce Talata 30 ga Satumba, 2025.

Mataki na farko: a tattara takardu kafin a taɓa kalkuleta

Ana buƙatar takardar ɗaukar aiki, da littafin ƙa'idojin kamfani idan akwai, da takardar albashin wata na ƙarshe, da duk takardun neman hutu da aka sa wa hannu, da wasiƙar ajiye aiki ko ta sallama. A cikin takardar ɗauka a nemi amsar abu huɗu: kwana nawa ne hutun, kwanakin aiki ne ko na kalanda, da wane ɓangare na albashi ake biyan sa, kuma ko ana iya ɗage ragowar bara zuwa bana.

Doka ta shata mafi ƙaranci ne kawai. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi, ɗan ƙasa da shekara 16 kuwa kwana 12. Sashen ya hana a ba ma'aikaci kuɗi a madadin wannan hutu matuƙar yana kan aikinsa, shi ya sa maganar biya ba ta tasowa sai an zo rabuwa. Idan takardar ɗauka ta ba da fiye da kwana 6, kamar 20 ɗin mutuminmu, da ita ake aiki. A kuma lura cewa ma'anar "ma'aikaci" a sashe na 91 ta ƙunshi masu aikin ƙarfi da na ofis irin na magatakarda, amma ta fitar da manajoji da shugabanni da masu aikin ƙwararru. Waɗannan, takardar ɗaukarsu ce madogararsu, saboda haka su karanta ta da kyau tun ranar da aka miƙa musu ita.

Mataki na biyu: kwanakin da ya tara a shekarar da zai tafi

Wanda ya bar aiki a Satumba bai cancanci kwana 20 cif ba, sai gwargwadon abin da ya yi na shekarar. Daga Janairu zuwa ƙarshen Satumba wata 9 ne. A ninka 20 da 9, a raba da 12, ya ba da kwana 15.

A fara ninkawa kafin a raba. Wasu sukan fara raba 20 da 12, su sami 1.666, su datse shi zuwa 1.6, su ninka da 9, sai su tashi da 14.4. Fiye da rabin yini ya salwanta ke nan saboda datse lamba da wuri.

Da a ce a tsakiyar wata ya tafi, misali 12 ga Satumba, sai a koma ƙirgar kwanaki. Daga 1 ga Janairu zuwa 12 ga Satumba, 2025 kwana 255 ne. A ninka 20 da 255, a raba da 365, ya ba da 13.97. Wannan ɓurɓushin ana iya biyan sa yadda yake, tunda kuɗi ake bayarwa ba hutu ba, ko a cike shi zuwa 14. Abin da ba ya yi mini daɗi shi ne a mayar da shi 13. Watannin notis ma ana ƙirga su, domin mutum yana nan a matsayin ma'aikaci har ranar ƙarshe.

Mataki na uku: ragowar bara da hutun da aka ci

Mutuminmu yana da kwana 4 da suka rage masa daga 2024, kuma shugabansa ya amince a rubuce a ɗage masa su, saboda lokacin ƙirgar kaya ne aka hana shi tafiya. Sashe na 18 ya yarda a ɗage hutu idan ɓangarorin biyu sun amince, da sharaɗin lokacin tara hutun kada ya wuce wata 24 na aiki. Kamfanoni da yawa suna da tasu ƙa'idar, su ce ba a ɗage fiye da kwana kaza, ko su ce ragowar za ta lalace idan ba a ci ta zuwa wani wata ba. A duba wannan. Idan kamfanin da kansa ne ya hana mutum tafiya, a ganina ba adalci ba ne a dawo a ce hutun ya lalace, kuma takardar da aka rubuta "a ɗage" a kanta ita ce hujjar ma'aikaci. Yanzu muna da 15 da 4, kwana 19.

Sai hutun da ya ci a bana, kuma a nan ake buƙatar kalanda a hannu. Ya tafi daga Litinin 2 ga Yuni zuwa Juma'a 13 ga Yuni, 2025. Wanda ya ƙirga kai tsaye zai ce kwana 12. Wanda ya cire Asabar da Lahadi zai ce 10. Duka biyun ba daidai ba ne. Gwamnatin Tarayya ta ba da hutun Babbar Sallah ranar Juma'a 6 da Litinin 9 ga Yuni, sannan Alhamis 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya ce. Ko da bai nemi hutu ba, waɗannan ranaku uku ba zai zo aiki ba. Tunda hutunsa na kwanakin aiki ne, abin da ya ci kwana 7 ne.

A cire 7 daga 19, saura kwana 12. Kafin a wuce, ya kamata a nuna wa ma'aikacin wannan lamba ya gani ya yarda. Kwanakin jinya da takardar asibiti, da hutun haihuwa, ba a cire su daga hutun shekara. Izinin kwana ɗaya ko biyu na rasuwa ko suna kuwa, sai a duba ko ƙa'idar kamfani ta ce a cire, kuma ko an gaya wa mutumin a lokacin.

Mataki na huɗu: wane albashi za a raba

Sashe na 19 ya ce wajen lissafin kuɗin hutu ana duba abin da ma'aikaci ke karɓa a tsabar kuɗi ne, ban da kuɗin ƙarin lokaci da sauran alawus-alawus. Idan takardar ɗauka ba ta ce komai ba, gundarin albashi ke nan, naira 1,560,000. Idan ta ce da cikakken albashi har da alawus-alawus za a biya, sai a ɗauki naira 2,600,000. Bambancin ba ƙarami ba ne, za a gan shi a ƙasa. Abin da aka saba shi ne a ɗauki albashin da mutum yake kai ranar da zai tafi. Idan an yi masa ƙari a Yuli, sabon albashin ake ninkawa da 12, har da kwanakin bara, sai dai in an rubuta akasin haka. Dalilin a bayyane yake: da ya tafi hutun a Satumba, sabon albashin za a biya shi.

Kada a haɗa wannan da alawus na hutu, wanda wurare da yawa suke biya sau ɗaya a shekara, sau da yawa kashi 10 cikin ɗari na gundarin albashin shekara. Wannan haƙƙi ne dabam da ke fitowa daga takardar ɗauka. An biya mutum alawus ɗin hutu ba ya nufin an biya shi kwanakin da bai ci ba.

Mataki na biyar: da wace lamba za a raba

Nan ne zuciyar lissafin, kuma nan ya fi kamata a tsaya. Ƙa'idar ita ce irin kwanakin da aka ƙirga a hutu, irinsu za a ƙirga a shekara. Idan hutun na kwanakin aiki ne, a raba albashi da kwanakin aiki na shekara. Idan na kalanda ne, wanda ake haɗawa da Asabar da Lahadi, a raba da 365.

Mai aikin kwana 5 a mako yana da 5 sau 52, wato 260. Mai kwana 6, irin masu aiki har Asabar, yana da 312. Mai zuwa kwana 3 a mako yana da 156. Mutuminmu na kwana 5 ne, don haka 1,560,000 a raba da 260 ya ba da naira 6,000 a yini. A ninka da 12, haƙƙinsa naira 72,000.

Yanzu a duba abin da ke faruwa idan aka sauya lambar. Akantan da ya raba da 365 zai sami naira 4,273.97 a yini, kwana 12 su tashi naira 51,287.67. An rage wa mutumin naira 20,712.33, kusan kashi 29 cikin ɗari na haƙƙinsa, kuma a takarda komai zai yi kama da daidai, domin kowa ya san shekara kwana 365 ce. Wanda ya raba albashin wata da 30 zai sami naira 4,333.33, jimilla 52,000, kusan ɓarna iri ɗaya. Wanda ya ɗauki 312 alhali mutumin ba ya zuwa Asabar zai biya 60,000.

Me ya sa 365 ba daidai ba ce a nan? A yi tunanin mutumin ya tafi hutun da gaske. Kwana 10 na aiki mako biyu ne cif, kuma a mako biyun nan za a biya shi albashin mako biyu, wato 1,560,000 a raba da 52 a ninka da 2, naira 60,000. Da 6,000 a yini, kwana 10 sun ba da 60,000, sun yi daidai. Da 4,273.97 kuwa sun ba da 42,739.70 kawai, domin an yayyafa albashin a kan Asabar da Lahadi wajen rabawa, sannan aka ƙi ƙirga su wajen ninkawa. Wannan gwajin na mako biyu shi ne hanya mafi sauƙi ta gane ko an yi kuskure: a ninka kuɗin yini da kwanakin aikin mako, idan ya yi nisa da albashin mako ɗaya, lambar rabawar ba ta dace ba.

Ba wai 365 haramun ba ce. Wanda ya nace sai ya yi amfani da ita, to ya fara mayar da kwanakin zuwa na kalanda. Kwana 12 na aiki, a ninka da 7 a raba da 5, sun zama 16.8. A ninka da 4,273.97, ya ba da kusan naira 71,803, dab da 72,000. Haka kuma a juye: idan takardar mutum ta ce hutun kwana 30 na kalanda ne, raba albashinsa da 260 zai sa kamfani ya biya fiye da kima. Ƙa'idar tana kare kowane ɓangare.

Akwai ƙananan bambance-bambance da ba su cancanci rigima ba. Wasu suna ɗaukar kwana 22 a wata, wato 264 a shekara, yini ya tashi naira 5,909.09, kwana 12 su zama 70,909.09. Wasu suna ƙirga ainihin ranakun shekarar, kuma 2025 tana da ranakun Litinin zuwa Juma'a 261, yini ya zama naira 5,977.01. Dokar Ƙwadago ba ta ambaci wata lambar rabawa ba, shi ya sa ya kamata kamfani ya zaɓi ɗaya ya rubuta a littafin ƙa'idojinsa, ya riƙe ta ga kowa. Alamar rashin gaskiya ita ce a ga kamfani yana raba albashi da 22 ranar da zai yanke wa mutum kuɗin fashin aiki, amma ya raba da 30 ranar da zai biya shi hutu.

Da takardar mutuminmu ta ce cikakken albashi, 2,600,000 a raba da 260 naira 10,000 ne, kwana 12 naira 120,000. Jimla ɗaya a takardar ɗauka ce ta raba 72,000 da 120,000.

Mai aiki da Excel zai iya sa albashin shekara a B1, lambar rabawa a B2, hutun shekara a B3, watannin da aka yi a B4, ragowar bara a B5, wanda aka ci a B6:

```
=ROUND(B1/B2*(B3*B4/12+B5-B6),2)
```

Don ƙirga kwanakin hutun da aka ci, a sa ranar farawa a D1, ranar ƙarshe a D2, ranakun hutun gwamnati a F1 zuwa F3:

```
=NETWORKDAYS(D1,D2,F1:F3)
```

Wannan na biyun yana cire Asabar da Lahadi da kansa, don haka bai dace da masu aikin kwana 6 ba.

Mataki na shida: a gwada da abin da doka ta shata

Sashe na 18 yana da nasa lissafin ga mai barin aiki. Wanda ya yi aƙalla wata 6 amma bai cika 12 ba, ko ya yi aƙalla wata 6 tun ranar da ya cancanci hutunsa na baya, za a biya shi wani kaso na albashin mako ɗaya gwargwadon watannin da ya yi cikin 12. Ga mutuminmu, albashin mako naira 30,000 ne, wata 9 cikin 12 ya ba da naira 22,500. Abin da takardarsa ta ba shi ya zarce wannan nesa, saboda haka ba matsala. Gwajin yana da amfani ne ga wanda ba a rubuta masa komai game da hutu ba, irin ma'aikatan ƙananan masana'antu da shaguna. Wanda ya tafi bai cika wata 6 ba, sashen bai ba shi komai ba, sai abin da takardarsa ta ce.

Mataki na bakwai: haraji, bashi da ranar biya

Naira 72,000 ɗin nan kuɗin aiki ne kamar albashi, ana haɗa shi da kuɗin watan ƙarshe a cire harajin albashi yadda aka saba. A tabbata an yi amfani da jadawalin harajin shekarar da aka biya, domin sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Janairun 2026 da matakai dabam da na baya. A takardar biyan ƙarshe a ware masa layinsa, a rubuta kwana 12, naira 6,000, jimilla 72,000, kada a cusa shi cikin garatuti ko kuɗin notis. Mutumin da ya ga lambobin uku zai iya bin lissafin da kansa, kuma yawancin gardama a nan take mutuwa.

Wani lokaci lissafin yakan fito a juye. A ce mutumin ya cinye kwana 20 tun a Yuni, ba shi da ragowar bara, ya tafi a Satumba da 15 kawai a tare. Ya ci kwana 5 da bai tara ba, naira 30,000. Kamfani ba zai yanke kawai don ya ga dama ba. Sashe na 5 ya taƙaita abin da ake cirewa daga albashi, ya kuma ce jimillar abin da aka cire a wata ɗaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan. A nemi inda takardar ɗauka ta yi maganar irin wannan, a nuna wa ma'aikacin, a yi amfani da kuɗin yini iri ɗaya da wanda za a biya shi da shi ne yake bin bashi.

Akwai kuma zaɓin cin hutun a cikin notis. Idan an yarda mutuminmu ya zauna a gida kwana 12 na ƙarshe na aikinsa a Satumba yana karɓar albashi, hutun ya ciyu, babu sauran kuɗi. Amma a rubuta hakan tun farko. Abin da ke jawo faɗa shi ne shugaba ya ce da baki "ka je ka huta, ba sai ka zo ba", sannan ranar biya a ce ai hutunsa ne ya ci. Haka idan kamfani ya biya kuɗi a madadin notis, wannan bai shafe kuɗin hutu ba, layi biyu ne dabam.

Game da lokaci, sashe na 11 ya ce duk albashin da ake bin mai aiki a biya shi kafin notis ya ƙare ko ranar da ya ƙare. Don haka akanta ya fara wannan lissafi tun ranar da wasiƙar ta iso teburinsa, ya ba ma'aikacin kwafi mako guda kafin tafiya, su daidaita kan kwanakin tun fayil yana kusa kuma shugaban da ya sa hannu yana nan. Ma'aikacin da ya ga lambar ba ta yi masa ba ya rubuta wasiƙa gajera, ya jera nasa lissafin layi-layi kamar yadda muka yi, ya haɗa da kwafin takardun hutunsa, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kada ya sa hannu a takardar da ke cewa ya karɓi dukkan haƙƙinsa kafin a gyara. Idan ba a daidaita ba, akwai ƙungiyar ƙwadago ga mai ƙungiya, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiharsa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ce ke sauraron ƙararrakin aiki kuma tana da reshe a Kano da Kaduna.